Abin da Kaka Ta Rubuta a Ƙasan Hoton

Ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauki hoton, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta shigo ne ta duba ruwan da aka rataya wa mai jego, sai ta tarar da Mama Tela a kan kujerar roba kusa da taga, rungume da jariri, ta ƙura masa ido ko ƙiftawa ba ta yi.

"Mama, kawo wayarki in ɗauke ku. Hasken nan ya yi kyau."

Mama Tela ta nuna mata jakarta da haɓa. Ma'aikaciyar ta zaro wayar, ta goge idon kyamarar da gefen rigarta, ta ɗan ja labule, ta ce mata kada ta ɗago, ta ci gaba da kallon yaron yadda take yi. Ta ɗauka, ta ajiye wayar a kan gado, ta wuce ɗakin gaba.

Mama Tela ta ba sittin baya. Tun tana budurwa take ɗinki, har sunan sana'ar ya cinye nata na yanka, manya da yara a layinsu haka suke kiran ta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, da keken ɗinki ta rene su. Auta, macen, tana aikin ofis a wani gari mai nisa. Babban kuwa, wanda kowa ke kira Dogo, gyaran firji yake yi, kuma a kusa da ita ya zauna har ya yi aure. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, aka ɗauka na kwana biyu ne, sai ya hau masa kai. Ya rasu tun cikin da matarsa ke ɗauke da shi bai ma fito sosai ba. Matar nan ita ce kwance a kan gado yanzu, an yi mata tiyata da hantsi aka ciro yaron. Shekara uku da auren, amma har yau Amarya Mama Tela take ce mata.

Ta mayar da jaririn cikin ɗan gadonsa, ta sa tabarau, ta buɗe hoton. Ba ta cika son ganin kanta a hoto ba, amma wannan ta daɗe tana kallonsa. Rabin fuskarta kawai ya fito, a sunkuye. Abin da ya cika hoton hannuwanta ne, da jijiyoyinsu, da kantar da almakashi ya yi mata a babban yatsa. A tsakiyarsu ga yaron cikin farin tawul, ya fito da hannu ɗaya, yatsunsa zara-zara. Ta san yatsun nan. Ta wanke irinsu, ta yanke musu farce, ta doke su lokacin da suka shiga akwatin zarenta.

"Amarya," ta ce a hankali. "In ɗora hoton nan mutane su gani?"

Amarya ta buɗe ido da ƙyar, allurar barci ba ta gama sakin ta ba. Ta dubi wayar, ta yi ɗan murmushi.

"Ɗora, Mama."

Ta koma barcinta.

Shafin sada zumunta da Mama Tela take da shi Dogo ne ya buɗe mata, don ta riƙa nuna ɗinkunanta. Shi yake ɗaukar hoton riguna a jikin ƙusa, shi yake rubuta abin da ke ƙasa. Bayan rasuwarsa ba ta ƙara ɗora komai ba. Saƙon murya ta iya, shi ne hanyarta da kowa. Saboda haka ta fita baranda ta zauna a kan benci, ta tura wa Auta hoton, ta bi shi da murya: me ake rubutawa a ƙasan irin wannan?

Ba a jima ba Auta ta kira, muryarta a toshe, da gani ta yi kuka ta share. Ta ce ta turo mata rubutu, ta kwafa kawai ta liƙa. Mama Tela ta duba. Layi biyu ne, rabi da Turanci, an ce sabuwar kaka ta shigo gari kowa ya kauce, sannan ga jajayen zukata a jere, da wata fuska mai taurari a ido, da hoton kwalbar madara.

"Ke Auta, wannan ai ba bakina ba ne. Duk wanda ya karanta cewa zai yi an sace mini waya."

Auta ta yi dariya cikin hawaye. "To Mama, haka ake yi yanzu."

"A yi. Ni dai bari in rubuta abina."

Ta buɗe shafin, ta zaɓi hoton, wurin rubutu ya fito da ɗan sandan nan mai ƙiftawa. Da yatsa ɗaya take bugawa, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura a ƙasa. Ta rubuta "jikana", wayar ta mayar da shi wata kalmar Turanci. Ta goge ta sake, ta sake mayarwa. Ta yi tsaki. Ta rubuta "na gode wa Allah", ta tsaya, ta ga kowa ma haka yake cewa. Ta goge.

Wata mata ta wuce da mijinta a baya, ya rungumo kwandon abinci da filas, yana ta tambayar ma'aikata ina ne ɗakin masu haihuwa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Mama Tela ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Da ta dawo da idonta kan wayar, yatsanta da kansa ya buga haruffa huɗu. Dogo.

Sai wani ɗan jeri ya sauko a ƙasan rubutun, a samansa ga hotonsa ƙarami a cikin da'ira, da hularsa ta aiki, yana dariya, an rubuta Dogo Mai Firji. Ba ta san abin da jerin yake nufi ba. Fuskarsa ta gani, ta taɓa. Sunan ya shiga cikin rubutun ya koma shuɗi. Daga nan maganar ta zubo mata, ba ta ƙara gogewa ba:

"Dogo Mai Firji ya dawo mini. Ga shi a hannuna da dogayen yatsunsa. Marayan Allah, bai ga ubansa ba. Ku taya ni da addu'a."

Ta karanta sau ɗaya, hawaye ya hana ta na biyu. Ta danna. Wani ɗan layi ya ja daga hagu zuwa dama, hoton ya hau.

Da yamma mahaifiyar Amarya ta iso daga garinsu, da jakunkuna da ƙafar da ta kumbura don zaman mota. Mace ce mai jiki da sanyin magana, jikoki gare ta har ba ta iya jera sunayensu ba tare da ta tsallake wani ba. Suka rungumi juna. Ta ce ita za ta kwana da mai jego, Mama Tela ta je gida ta miƙe bayanta. Cajin wayar Mama Tela ya ƙare a hanya, ta sa ta a wuta ta manta da ita.

Da safe tana haɗa ruwan zafi da kayan jariri ta kunna wayar. Ta yi ta kuka tana rawa a kan tebur kamar za ta faɗo. Mama Tela ta zauna ta buɗe. Tunda take ba ta taɓa ganin mutane masu yawa haka a ƙarƙashin wani abu nata ba. Rigar da ta fi kyau a duk ɗinkinta ba ta sami ko kashi ɗaya cikin goma ba. Da farko wani daɗi ya taso mata, sannan ta fara karantawa.

Allah ya jiƙan Dogo. Allah ya raya maraya. Fuskokin kuka a jere, layi bayan layi. Wani ya ce sai yau ya ji rasuwar, yana tambaya hatsari ne ko ciwo. Wata ta ce a turo lambar asusu a taimaka wa yaron. Wani da bai wuce layin farko ba ya rubuta cewa ai shi an ce masa Dogo ya rasu, ashe tafiya ya yi. Mafi yawan sunayen ba ta san su ba. Ta yi mamakin ta inda suka ga hoton, amma ba ta tsaya tunani ba, ta ga dai an tuna da ɗanta. Ta ɗaure kayanta ta kama hanyar asibiti.

A bakin ɗakin ta ci karo da mahaifiyar Amarya ta fito da kwanon abinci a rufe, yadda aka kawo shi. Suka gaisa. Matar ta riƙe mata hannu ta ɗan ja ta gefe.

"'Yar'uwa, yarinyar nan ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya. Ki shiga ku yi magana. Ni zan je neman magani."

Amarya tana kishingiɗe, an tara mata matasai a baya, jaririn yana barci a ƙirjinta. Idanunta sun yi ja sun kumbura. A kan ƙaramar durowar gefen gado akwai waya biyu. Ɗaya tata ce. Ɗayar baƙa ce, da tsagewa a kusurwa, an kifa ta. Mama Tela ta gane ta tun daga bakin ƙofa. Ba ta san Amarya tana yawo da ita ba.

"Sannu Amarya. Ya jikin? Ya kwanan maigidana?"

"Da sauƙi, Mama. Sannu da zuwa."

Baƙar wayar ta girgiza a kan durowa. Duk su biyun suka kalle ta.

"Kullum ina sa mata caji," in ji Amarya. "Akwai muryarsa a ciki. Tun da aka gama zaman makoki ba ta ƙara motsi ba. Jiya ina farkawa na ji tana kuka a cikin jaka. Kukanta na sani, Mama. Kafin hankalina ya dawo, sai da na miƙa hannu zan ce masa ana kiran ka."

Mama Tela ta nemi kujera ta zauna.

"Da kika taɓa sunansa ya zama shuɗi, hoton ya hau shafinsa ne. Duk abokansa da masu kawo masa gyara an sanar da su. Duk wanda ya yi rubutu, sai wayar nan ta yi kuka."

"Wallahi ban sani ba. Fuskarsa na gani."

"Na san ba ki sani ba."

Ta gyara wa yaron tawul. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kalli surukarta ba, gashin kan jaririn take kallo.

"Tun jiya babu wanda ya ce mini barka, in ban da ma'aikatan nan da mahaifiyata. Ƙawayena suna kira, sai su fara da ya haƙuri. Na yi wata da watanni ina jiran rana ɗaya da za a shigo mini da fara'a. Na ɗauka ita ce jiya."

"Amarya…"

"Bari in ƙarasa, Mama, in na tsaya ba zan iya ba. Na karanta abin da kika rubuta ya fi a ƙirga. Kina ciki, shi yana ciki. Ni da aka yanka aka ɗinke, ba na ciki. Wannan ma da sauƙi. Amma yaron nan ma ba ya ciki. Ba Dogo ba ne, Mama. Ni ma da aka miƙo mini shi fuskar ubansa na fara nema, har na ji kunyar kaina. Mutum ne daban. Wata rana zai iya karatu, kuma abin da aka ɗora ba ya ruɓewa. Zai nemo hotonsa na farko a duniya, ya ga sunan da kakarsa ta fara kiran sa da shi maraya ne."

Mama Tela ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji kamar dutsen guga. Ta buɗe baki da niyyar ta ce ai ba ƙarya ta rubuta ba, ta ce ita ma ɗa ta binne, ta ce wata tara ta ɗauke shi ita ma. Duk suna bakinta. Ta dubi wuyan Amarya da ya rame, da robar allura a bayan hannunta, ta haɗiye su. Ta tashi ta jera kayan jariri a cikin durowa, ta zuba ruwan zafi a kofi ta ajiye kusa da ita, ta ce za ta leƙa shago ta dawo.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Ta buɗe ƙofa ɗaya ta bar ɗayar a rufe. Ta zauna a gaban keke, ta ɗora ƙafa a kan matakinsa, ba ta taka ba. Fushi take yi, kuma ta rasa da wa. Ta ciro wayar da niyyar ta share hoton gaba ɗaya kowa ya huta, sai idonta ya faɗa kan wani dogon sharhi.

Wani tsoho ne mai sayar da kifi. Ya ce wata rana firjinsa ya mutu cike da kaya ana tsananin zafi, Dogo ya bar abincinsa ya zo ya gyara, ya yi ta ba shi dariya yana aikin har ya manta da tashin hankalinsa. A ƙasa wani abokin makarantarsa ya sa hoton da ba ta taɓa gani ba, Dogo yana saurayi a bakin ruwa, wando a naɗe. Wata mata ta ce duk sanda ya zo gyara gidansu sai ya yi zancen ɗinkin mahaifiyarsa, har ta gaji ta kawo atamfarta. Mama Tela ta karanta, ta sake karantawa, tana bin layukan da yatsa.

Ta kira Auta. Ta gaya mata duk yadda suka yi.

Auta ta ce, "Na gani tun jiya, Mama. Na rasa yadda zan gaya miki."

"In na share fa?"

"In kin share, duk abin da aka rubuta a ƙasa ya tafi tare da shi. Kuma ba zai dawo da komai ba. An riga an ɗauki hoton fuskar wayar an tura zauren dangi na waya, ni kaina sau biyu aka turo mini. Wannan ya fita hannunki. Abin da kike iya yi shi ne ki gyara rubutun, ki cire sunan Yaya. Hoton zai zauna, sharhin ma zai zauna."

"In cire sunansa."

"Shi ne zai sauke hoton daga shafinsa."

Ta ajiye wayar a kan keke. Mai aski ya leƙo ya ce ya ji abin arziki, Allah ya jiƙan na ƙasa. Ta amsa. Bayan ya tafi ta lura shi ma bai tambayi lafiyar mai jego ba, bai tambayi nauyin yaro ba. Kuma ita ce ta nuna musu hanyar.

Da la'asar ta koma asibiti. Mahaifiyar Amarya tana ganin ta ta ce bari ta je ta sha iska. Amarya ta ɗan ci abinci, kwanon yana buɗe. Mama Tela ta ja kujera har jikin gado, ta miƙa mata wayarta.

"Nuna mini inda ake gyarawa."

Amarya ta karɓa. Ta nuna mata ɗigo uku a saman hoton, ta danna, jerin zaɓi ya fito, ta taɓa wanda ke cewa a gyara. Rubutun ya buɗe, ɗan sandan yana ƙiftawa a ƙarshensa.

"In rubuta miki, Mama? Ki faɗa in buga."

"A'a. Da hannuna na sa, da hannuna zan cire."

Ta sa tabarau. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, kalmomin suka riƙa ja da baya suna ɓacewa. Addu'a ta tafi, ubansa ya tafi, maraya ya tafi. Da ta iso kan shuɗin sunan ta ɗaga yatsanta. Ta ɗauka harafi-harafi zai tafi kamar sauran, ta shirya wa hakan. Tana taɓawa sau ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, wurin ya zama fari fat. Wani sauti ya kuɓuce mata daga maƙogwaro. Ta cire tabarau ta rufe fuska da mayafinta. Amarya ta miƙo hannun nan mai robar allura ta riƙe mata kafaɗa, suka yi kukansu tare ba mai lallashin wani, har jaririn ya farka ya taya su.

"Ban ce ki fitar da shi gaba ɗaya ba, Mama," in ji Amarya da suka lafa. "Ubansa ne. Ki sa shi, amma a mazaunin uba."

Ta shayar da yaron, ta miƙa wa kakarsa ta sa shi ya yi gyatsa. Mama Tela ta ɗora shi a kafaɗa tana bubbuga bayansa, sannan ta sauko da shi kan cinyarta. Ya buɗe ido ɗaya ya harare ta. Wannan karon ta dube shi da kyau. Kunnuwan na uwarsa ne. Goshin kuwa ba na kowa ba ne a danginsu, nasa ne.

"Kai, wannan harara fa? Daga zuwa? To sannu maigida. Ni ce kakarka. Shekara da shekaru ina ɗinka wa jikokin mutane riguna ina cewa Allah ya raya, sai yau ka ga damar zuwa." Ta sa masa yatsa a tafin hannu, ya damƙe. "Sake ni. To na ji, ba inda za ni."

"Mama," in ji Amarya, "ai shi ke nan kin faɗa. Shi za ki rubuta."

Mama Tela ta daɗe tana rubutun, yaron a hannu ɗaya, waya a kan gwiwa. Amarya ta kashe mata abin da ke canza kalmomi, ta tuna mata cewa in ta danne harafin "k" ta riƙe, mai ƙugiyar zai fito. Ta ce mata kuma layin farko kaɗai mutane suke gani kafin su buɗe sauran, ta sa abin da ta fi so a sani a can. Mama Tela ta rubuta ta goge, ta tambaya ko ya yi tsawo, aka ce mata nata ne. Da ta gama ta karanta a fili, tana tsayawa inda numfashi ya yanke mata:

"Jama'a, na zama kaka. Ga jikana na fari, Allah ya kawo shi jiya da hantsi, lafiya lau, da gashi cike da kai. Na daɗe ina ɗinka wa jikokin mutane riguna, yau ga nawa a cinyata. Uwarsa ta sha wuya ta daure, 'yata ce, ku yi mata barka. Da ubansa yana nan da yau ba mai jin kunnensa a unguwa. Ni kam tsufa ya yi mini rana. Ya kama mini yatsa ya ƙi saki, na ce to maigida, na ji, ba inda za ni."

Amarya ta gyaɗa kai. Mama Tela ta danna ajiyewa. Hoton ya dawo da sabon rubutu a ƙasa, da wata 'yar kalma a gefe mai nuna an gyara.

Sai dai gyara ba ya shela. Ba a sanar da kowa ba, kuma waɗanda suka riga suka yi ta'aziyyarsu sun wuce gaba, ba abin da zai dawo da su. Fuskokin kuka suna nan a jere a ƙarƙashin sabon rubutun, wanda ya zo daga baya sai ya rasa gane abin da ya haɗa su. Amarya ce ta fara rubutawa daga wayarta: Barka, Mama. Auta ta biyo. Kafin magariba an sami wasu 'yan kaɗan, yawancinsu matan da Mama Tela take yi wa ɗinki. Baƙar wayar ta yi shiru, Amarya ta mayar da ita cikin jaka.

Da aka sallame su daga asibiti, kwana kaɗan suka yi a gidan Dogo. Kuɗin haya ya kusa ƙarewa, an riga an yi magana tun kafin haihuwa cewa Amarya za ta koma gaban iyayenta. Mama Tela ba ta musa ba a lokacin, yanzu ma ba ta musa ba. Ta taya su naɗe katifa, ta rufe kwanuka a kwali, ta riƙa yi wa yaron wanka kowace safiya tana yi masa surutu.

Ranar tafiya ta raka su tasha da hantsi. Ita ta riƙe shi duk tsawon lodin kaya. Sai da direba ya tayar da mota ta miƙa shi ta taga. Mahaifiyar Amarya ta ce gida gidanta ne, duk ranar da ta ga dama ta zo. Amarya ta ce za ta riƙa kiran ta ta bidiyo kullum ya san muryarta. Mama Tela ta ce to, a rufe masa kai, akwai iska a hanya. Motar ta fita ta shiga cikin sauran motoci.

Ta taka da ƙafa zuwa shago. A bakin ƙofa ta tarar da wata mata tana jira, ta zo karɓar rigar da aka yi mata alkawari tun makon jiya. Mama Tela ta ba ta haƙuri, ta ce hannu ɗaya ya rage, ta zauna yanzu a gama. Ta buɗe ƙofofin biyu, ta yaye ƙyallen da ke kan keke, ta kaɗe ƙura. Ta lashi bakin zare ta kai ramin allura, ya wuce ta gefe. Ta sake, ya sake wucewa.

"'Yar nan," ta ce wa matar, "zo ki zura mini. Yau idon ba ya gani."

Matar ta sunkuya ta zura. Mama Tela ta gyara zaman hannun rigar a ƙarƙashin allura, ta taka keke.